Gahawa da ƙwannafi: wace ce ta fi wa ciki sauƙi?

A goman ƙarshe na azumi, shagon tela ba ya barci. Ɗinkin Sallah ya taru, masu kaya suna ta sintiri, tela kuwa ya san idan ya runtsa alkawari ya karye. Sai ya aiki yaron shago wajen mai shayi: "Ka ce ya sa min Neskafe cokali biyu, ya cika madara." Ya sha ɗaya bayan sallar isha'i, ya sha wani da tsakar dare, ya ƙara na uku da sahur a kan shinkafa da mai da yaji. Da an idar da sallar asuba sai ya miƙe a kan benci. Ba a daɗe ba zai ji wuta ta taso daga kahon zuci ta bi ƙirji ta hau maƙogwaro, wani ruwa mai tsami ya cika masa baki. Ya tashi zaune yana cewa olsarsa ce ta motsa.

Sau da yawa abin da ya same shi ƙwannafi ne, kuma gahawa, wadda wasu ke kira kofi, tana da hannu a ciki. Amma hannun nata ba inda mutane suka fi zato yake ba, shi ya sa da yawa suke kashe kuɗi a kan gyaran da ba ya gyara komai.

A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wani zobe na tsoka da ke aiki kamar zariya. Idan loma ta iso sai ya saki ta wuce, sannan ya sake tsukewa. Tumbi yana zubo ruwan asid mai ƙarfi don narka abinci, kuma Allah ya shafe bangonsa da majina mai kauri da ke kare shi. Bututun abinci ba shi da irin wannan kariya. Don haka duk lokacin da zariyar ta saki ba a kan ƙa'ida ba, ko tumbi ya cika har ya tura abin da ke cikinsa sama, ruwan asid ya taɓa fatar bututun, sai a ji ƙuna. Wannan shi ne ƙwannafi. Gyambon ciki kuwa wani abu ne daban: rauni ne a bangon tumbi ko farkon hanji, kuma manyan masu haddasa shi biyu ne, ƙwayar cutar Helikobakta da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da asfirin. Likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, sun karɓi lambar Nobel a 2005 saboda gano rawar da wannan ƙwayar cuta ke takawa. Gahawa tana iya tsokano zafin gyambon da ke nan, amma ba a tabbatar da cewa ita ke haƙa shi ba.

Yanzu ga kuskuren da na fi so mai karatu ya rabu da shi. Mutane suna jin gahawa da ɗan tsami a harshe, sai su ɗauka wannan tsamin ne ke ƙona musu ƙirji. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ƙaramar lamba a cikinsa ke nufin tsami mai ƙarfi, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Gahawa tana wajen 5. Ruwan lemon zaƙi yana wajen 3.5, baƙin lemon kwalba wajen 2.5. Ruwan tumbin wanda bai ci komai ba kuwa yana wajen 2 ko ƙasa da haka. Wato abin da ke cikin mutum tun kafin ya kurɓa ya ninka gahawar tsami kamar sau dubu. Zoɓo da kunun tsamiya ma sun fi ta tsami nesa ba kusa ba. Matsalar gahawa ita ce umarnin da take bai wa jiki: tana sa tumbi ya ƙara zubo nasa asid ɗin, kuma a jikin wasu mutane tana sassauta zariyar nan.

Mene ne a cikinta ke ba da wannan umarni? Kowa zai ce kafeyin, sinadarin nan mai korar barci da ke cikin goro da ganyen shayi. Yana daga ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Tun a 1975 wasu likitocin Amurka biyu, Cohen da Booth, suka nuna cewa gahawar da aka cire wa kafeyin ma tana sa tumbi zubo asid, har fiye da yadda tsuran kafeyin ke yi. A 1994 kuma, a birnin Munich na Jamus, an sa wa mutane na'urar auna asid a bututun abinci aka ba su abin sha iri-iri. Gahawa ta ƙara tasowar asid. Wadda aka cire wa kafeyin ta rage shi sosai. Shayi bai ƙara ba, haka ma ruwan da aka zuba wa kafeyin shi kaɗai. Abin da za a fahimta shi ne kafeyin yana aiki ne tare da abokansa na cikin ƙwayar, musamman wasu asid da ake kira kulorojenik da kuma wani maiƙo mai kama da kakin zuma da ke lulluɓe da ita.

Sai dai a yi wa gahawa adalci. A Japan an duba mutum sama da 8,000 ta hanyar zura musu kyamara a ciki, aka wallafa sakamakon a 2013, kuma ba a ga alaƙa tsakanin shan gahawa da gyambon ciki ko cutar tasowar asid ba. A Amurka kuma an bi diddigin mata ma'aikatan jinya sama da 48,000, aka ga waɗanda ke shan kofi shida ko fiye a rana sun fi waɗanda ba sa sha yawan kukan ƙwannafi da kamar kashi ɗaya cikin uku. A ganina waɗannan biyun ba sa karo da juna. Mafi yawan mutane suna shan kofi ɗaya ko biyu lafiya lau. Wasu kuma cikinsu ba ya ɗauka, kuma yawa yana ƙara tsananta abin. Wanda gahawa ba ta taɓa damunsa ba, babu dalilin da zai bar ta don tsoron ƙwannafi. Wannan rubutu na wanda ya riga ya ji a jikinsa ne.

Iri biyu na ƙwaya

Kusan duk gahawar da ake sha a duniya daga iri biyu take. Arabika, wadda asalinta tsaunukan Habasha ne, tana son tudu mai sanyi, shi ya sa a Najeriya ake samunta a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Robusta kuwa tana jure zafi da ƙwari, ana nomanta da yawa a Biyetnam da Yuganda da Kwaddibuwa da kudancin Kamaru. Bambancin da ya shafi ciki shi ne wannan: kafeyin ɗin arabika kamar kashi 1.2 cikin ɗari ne na nauyin ƙwayar, na robusta kuwa kamar kashi 2.2, wato kusan ninki biyu. Robusta ta kuma fi yawan asid ɗin kulorojenik. Ga shi ita ce mai araha, kuma ta fi ba da gari mai yawa idan aka sarrafa, don haka yawancin gahawar gwangwani da ta leda, wadda ake zubawa a ruwan zafi ta narke, robusta ce ko kuma gauraye da ita. Mu kuwa a nan ita muka fi sani. Mai fama da ciki, idan yana da zaɓi, ya nemi wadda aka rubuta cewa arabika ce zalla.

Masu sayar da gahawa mai tsada za su ce maka ta Birazil da ta Sumatara ba su da tsami, ta Kenya da ta Habasha kuwa suna da shi. Gaskiya suka faɗa, amma maganar ɗanɗano suke yi. Wanda tsami ke tayar wa zuciya zai iya jin daɗin ta Birazil, sai dai kada ya biya kuɗi mai yawa yana tsammanin magani ya saya.

Suya

Ɗanyar ƙwayar gahawa koriya-koriya ce, ba ta da ƙamshi. Sai an soya ta, kamar yadda ake soya gyaɗa, sannan take zama abin da muka sani. Akwai suyar sama-sama mai launin ƙasa-ƙasa, akwai matsakaiciya, akwai kuma mai duhu wadda ƙwayar ke yin baƙi har maiƙo ya fito yana ƙyalli a jikinta. Mutum zai ɗauka baƙar, da yake ta fi ɗaci, ita ce ta fi cutar da ciki. Abin da aka gano ya karkata ne zuwa akasin haka.

Zafin wuta yana rusa asid ɗin kulorojenik, don haka iya daɗewar suya iya raguwarsu. Sannan akwai wani sinadari a ɗanyar ƙwaya mai suna tirigonelin, wanda wuta ke juyawa ya zama wani abu da masana ke taƙaita sunansa da NMP. Shi wannan yana rage wa ƙwayoyin bangon tumbi zumuɗin zubo asid. Farfesa Veronika Somoza ta Jami'ar Vienna da abokan aikinta sun gwada wannan a jikin mutane, suka wallafa a 2014. Sun ba su gahawa iri biyu masu kafeyin kusan daidai, ɗaya mai duhun suya da ke da NMP kusan ninki uku na ɗayar, kuma mai duhun ta fi ƙarancin sa tumbi zubo asid. Sai dai mutum tara kacal aka gwada, dukkansu masu lafiya, kuma asid aka auna, ba a auna ƙunar ƙirji ba. Ina ganin wannan ya isa dalilin da mutum zai jarraba mai duhun suya, tunda farashin ɗaya ne, amma bai isa a yi masa alkawari ba. A kuma lura cewa suya ba ta cire kafeyin. Baƙar ƙwaya da mai haske kusan ɗaya suke ta wannan fuskar.

A tukunya da kofi

A 'yan shekarun nan an yi ta tallar gahawar jiƙo, wadda ake jiƙa garin a ruwan sanyi na awa 12 zuwa 24 sannan a tace, ana cewa ba ta da asid. A 2018 wasu masana biyu a Jami'ar Thomas Jefferson ta Philadelphia, Niny Rao da Megan Fuller, suka auna. Suka tarar ta jiƙo da ta ruwan zafi duk suna tsakanin 4.85 da 5.13 a ma'aunin pH, sai dai ruwan zafi ya fi tatso jimillar asid daga garin. Wato ta jiƙo ta fi laushi a baki, kuma wasu suna jin ta fi musu sauƙi, amma akwai tarko a cikinta. Ana zuba mata gari da yawa, sai ta fito da kauri, kuma wanda ya sha ta ba tare da sirkawa ba zai iya zuba wa cikinsa kafeyin fiye da na kofin da ya gudo daga gare shi. Mai son gwadawa ya jiƙa giram 60 na gari mai tsakin-tsaki a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya ajiye a firji ya kwana, ya tace da safe. Yana iya ɗumama ta idan yana son mai zafi.

Tacewa da takarda tana tare maiƙon gahawa da dusar garin, abin da tafasawa a tukunya ba ta yi. Amfanin da aka fi tabbatarwa a nan na kitsen jini ne, don maiƙon yana ɗaga shi, amma kofin da aka tace ya kan fi sauƙin sauka ga masu saurin tashin zuciya. Jabana ta mutanen Sudan, wadda ake tafasawa da citta, tana da ƙarfi kuma ba a tace ta da takarda, sai dai ana shanta ne a 'yan ƙananan kofuna, kuma ƙanƙantar kofin tana da nata amfanin. Babban moɗa na ruwa mai zafi yana buɗa tumbi, buɗewar tumbi kuwa ita ce babban abin da ke sa zariyar nan ta saki. Abu ɗaya da zan hana kai tsaye shi ne gahawar da ta wuni a kan wuta ko aka yi ta maimaita ɗumamawa. Tana ƙara tsami da ɗaci da daɗewa, ko mai lafiyayyen ciki ba ya jin daɗinta.

Wani lokaci kuma laifin ba na gahawar ba ne ko kaɗan, na abin da aka tula mata ne. Manya da yawa a cikinmu ba sa iya narka sukarin da ke cikin madara, ko da yake Fulani makiyaya sun fi samun sauƙi a nan. Wanda ke jin kumburi da ƙugin ciki da iska ko gudawa bayan ya sha gahawa mai madara, ya gwada ta babu madara kafin ya yanke mata hukunci. Kitse ma yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, don haka madarar gwangwani mai kauri da 'yar ledar nan mai haɗe da sukari da garin maiƙo ba su da sauƙi kamar yadda ɗanɗanonsu ke nunawa. Ita kanta gahawa tana motsa babban hanji. A wani gwaji da aka yi a Sheffield ta Ingila a 1990, kusan mutum uku cikin goma sun ce tana kai su bayan gida, kuma an ga hanjinsu ya fara motsi cikin minti huɗu da sha, har da wadda aka cire wa kafeyin. Wannan ba ciwo ba ne, sai ga wanda dama hanjinsa mai saurin murɗawa ne.

Mu koma shagon telan nan mu yi masa lissafi. Ƙaramin cokali ɗaya shafe na gahawa mai narkewa kamar giram 2 ne, da kafeyin wajen miligiram 60. Mai shayi ba ya shafe cokali, tozo yake yi masa, don haka cokali biyunsa sun kai giram 5, wato miligiram 150. Sau uku a dare ya zama 450. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce 400 a yini shi ne iyakar da ba a jin tsoro ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa 200. Telanmu ya haura iyakar cikin awa tara, ba a ma lissafa goron da yake ɓantara yana taka keke ba. Sannan jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka na tsakar dare yana nan na sahur ya same shi. A ƙarshe ya ɗora duk wannan a kan cikin da ya cika da mai da yaji, ya kwanta shame-shame. A tsaye nauyin abinci yana taimakon zariya. A kwance babu mai taimakonta.

Da ni zai tambaya, ba zan fara da aika shi neman wata ƙwaya ta musamman ba. Zan ce ya fara yanke na sahur ɗin gaba ɗaya, don shi ne ya fi kusa da kwanciya, ga shi yana shiga yinin azumi da ciki mai zafi. Ƙa'idar ita ce a bar awa uku tsakanin cika ciki da kwanciya. Inda hakan ba zai yiwu ba, kamar bayan sahur, ya rage cika ciki, ya kishingiɗa maimakon miƙewa, ya kwanta ta gefen hagu, ko ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai ya ɗaga su santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya yin wannan aikin, lanƙwasa mutum kawai yake yi ya matse ciki. Sauran kofi biyun kuma su koma cokali ɗaya shafe, a ƙaramin kofi, madara kaɗan. Daga 450 ya sauko 120 ke nan. Kada ya yanke duka a dare ɗaya, don wanda jikinsa ya saba da kafeyin yakan yi fama da ciwon kai da kasala na 'yan kwanaki, sai ya ɗauka wani ciwon ne ya koma ruwa. Ya rage a hankali cikin mako guda.

Idan bayan mako biyu ƙunar ta tafi, magana ta ƙare. Idan ta ragu amma ba ta tafi ba, a nan ne zaɓen iri yake da amfani: ya koma arabika mai duhun suya, ko ya gauraya rabi da wadda aka cire wa kafeyin, wadda ake kira dikaf, da kofinta bai cika wuce miligiram 15 ba. Sharaɗin shi ne ya canza abu ɗaya a lokaci guda, ya ba shi kwana biyar zuwa bakwai, yana rubuta abin da ya sha da lokacin da ƙuna ta zo. Wanda ya canza iri da suya da madara da lokaci a rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba. Idan kuwa ya bar gahawa kwata-kwata mako biyu kuma ƙirjin bai daina ba, to ya sake ta ya duba wasu wurare: taba, teɓa, ɗaure ƙugu tamau, tuwon dare mai nauyi, da ƙwayoyin ciwon jiki da masu aikin ƙarfi ke haɗiya kamar gyaɗa.

Na san da yawa suna jiƙa kanwa su sha idan ƙwannafi ya taso, wasu ma suna jefa ta a cikin gahawar. Tana kashe ƙunar na ɗan lokaci, don kishiyar asid ce. Amma tana da gishirin sodiyam mai yawa, ba a san adadin da ake sha ba, kuma ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu haɗari ce. Mafi muni, tana rufe bakin ciwon da ya kamata a ji kukansa.

Ƙwannafin da ke zuwa sau biyu ko fiye a mako, makonni a jere, ya wuce gyaran kofi, na likita ne, kuma akwai magunguna masu aiki da gwajin Helikobakta mai sauƙi. Wanda kuma ya ji loma tana tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa ba dalili, ko ya yi aman jini ko amai mai kama da dusar gahawa, ko bayan gidansa ya zama baƙi kamar kwalta, kada ya jira ƙarshen wani gwaji. Haka wanda zafin ƙirjinsa ke zuwa idan ya yi tafiya ko ya ɗauki kaya, yana sauka hannu ko muƙamuƙi tare da gumi da ƙarancin numfashi, domin ciwon zuciya yakan zo da kamar ƙwannafi. Ɗan'uwa, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinka ko a jikin wani naka, a tafi asibiti a ranar.